Kofin Bature, Katin Bahaushe

Akwai wata baiwar Allah da muka yi aiki tare a wani ofishi a Zariya, muna kiranta Hajiya, wadda idan aka ba ta rubutun Turanci ta mayar Hausa, ba ta fara da jimlar farko. Takan karanta shi gaba ɗaya sau biyu, sannan ta ɗauki fensir ta bi shi tana kewaye kowane misali, kowane adadin kuɗi, kowane sunan abinci ko biki ko yanayi. A gefen kowane takan rubuta 'yan kalmomi, kuma abin da take rubutawa ba fassarar misalin ba ce, aikin da misalin ya zo yi ne. Sai ta gama wannan take buɗe baki da Hausa. Na daɗe ina ganin abin kamar ɓata lokaci, har ranar da aka ba mu maƙala ɗaya, ni na yi tawa, ita ta gyara.

Maƙalar ta wani Ba'amurke ce, a kan yadda mai albashi zai tsara kuɗinsa. Ya gina ta a kan tsarin nan da Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka shahara da shi a littafinsu na 2005: abin da ya zo hannu bayan an cire haraji a kasa shi uku, kashi 50 cikin ɗari na buƙatun dole, kashi 30 na sha'awa, kashi 20 na tanadi da biyan bashi. Mutumin da marubucin ya yi misali da shi yana samun dala 4,000 a wata. Yana biyan haya duk wata, yana biyan kuɗin ɗumama gida lokacin sanyi, kuma kullum da safe yana tsayawa ya sayi kofi na dala 5 a hanyarsa ta zuwa aiki. A kan wannan kofi marubucin ya ɗora rabin hujjarsa.

Ni dai na yi abin da na ɗauka shi ne amana. Na bi jimla jimla, na bar kofi a matsayin kofi, sannan don in taimaki mai karatu sai na canza dalar zuwa naira. A lokacin ana sayar da dala wajen naira 1,500, don haka na rubuta cewa mutumin yana shan kofin naira 7,500 kowace safiya. Da Hajiya ta kai wurin sai ta ajiye takardar ta dube ni.

"Ƙanena, wa kake yi wa wa'azi a nan? Wanda ke shan kofin dubu bakwai da ɗari biyar kullum ai ba ya buƙatar shawararmu. Wanda kuma yake buƙatarta, da ya ga wannan layin zai ce ba da shi ake ba, ya rufe."

Na ce, "To Hajiya, ai haka marubucin ya rubuta."

Ta ce, "Haka ya rubuta wa mutanensa. Me ya sa ya zaɓi kofi bai zaɓi mota ba?"

Wannan tambaya ita ce gindin sana'ar. Marubucin ya zaɓi kofi ne don abu ne ƙarami, na kullum, wanda mai saye ba ya jin zafin fitar kuɗinsa, kuma kusan duk wanda ke karanta shi yana saye. Ana so mai karatu ya ga kansa, ya ɗan ji kunya, sannan lissafin shekara ya ba shi mamaki. Ni da na canza kuɗin da farashin 'yan canji, na riƙe kalmar na kashe aikin: ƙaramin abu ya koma almubazzarancin masu hannu da shuni, kuma darasin ya juye ya zama kamar ana cewa masu kuɗi su rage fantamawa.

Ga yadda ta yi nata, kuma tun daga ranar ban ƙara canza kuɗin misali da farashin canji ba. Ta fara tambayar kashi nawa ne kofin yake ci a cikin samun mutumin. Dala 5 sau kwana 30 ya zama dala 150, wato ƙasa kaɗan da kashi 4 cikin ɗari na dala 4,000. Wannan rabo shi ne abin da za a ƙetare da shi, ba dalar ba. Sai ta zaɓi nata mutumin: ma'aikaci mai ɗaukar naira 150,000 a wata, wanda ya ɗan haura ninki biyu na mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, wato naira 70,000. Kashi 4 na albashinsa naira 6,000 ne, wanda idan aka raba wa kwana 30 ya zama naira 200 a rana. Yanzu tambayar ta zama mai sauƙi: mene ne mutum ke kashe wa ɗari biyu kullum ba tare da ya lura ba?

Na ce shayi. Ta ƙi, kuma dalilinta ya burge ni. Ga mutane da yawa, shayi da burodi a teburin mai shayi shi ne karin kumallo, wani ma shi ne abincin darensa. Idan ka ce masa ya daina, ka ce masa ya kwana da yunwa ke nan, alhali kofin Ba'amurken nan ƙari ne a kan abincin da yake da shi a gida. Na ce goro. Ta ce goro na dattawa ne, rabin masu karatunmu ba sa ci. Na ce tsire. Ta ce wa ke cin tsire kullum, kuma ina tsiren ɗari biyu yanzu? Daga ƙarshe ta tsaya a kan katin waya, 'yar datar nan da ake saye ta kwana ɗaya ana kallon bidiyo har ta ƙare, gobe a sake saye. Namiji na yi, mace na yi, ɗalibi na yi, kuma babu wanda zai ce ita ce abincinsa. Naira 200 sau 365 ta ba da naira 73,000. Sai ta rufe sakin layin da cewa katin ɗari biyu, a shekara, ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Marubucin asali bai rubuta wannan jimlar ba, amma girgizar da ya nema ita ce aka samu.

Wani zai ce ai wannan ba fassara ba ce. Masana harshe sun daɗe da bambanta fassarar da ke bin siffar jimla da wadda ke neman ta yi wa sabon mai karatu tasirin da asalin ya yi wa nasa, kuma Eugene Nida ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa na 1964. Mu kuwa ba sai mun je nesa ba. Abubakar Imam ya zauna a Zariyar nan ya karanta labaran Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya zuba su a bakin aku a fadar sarki, Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, kuma har yau akwai masu rantsuwa cewa labaran duk na kakanninmu ne. Sai dai Imam mai ba da labari ne, yana da 'yancin ya karkata labari yadda ya so. Mai fassara maƙalar bayani ba shi da wannan sarari. An ba shi izinin canza tufafi, ba a ba shi izinin canza mutumin ba, kuma wahalar aikin duka tana wajen gane inda riga ta ƙare fata ta fara.

Kuɗin haya ne ya nuna mini haka. A maƙalar, haya abu ce da ake biya duk wata kamar kuɗin wuta, don haka marubucin ya jefa ta cikin buƙatu ya wuce a layi ɗaya. A Kano ko Kaduna ko Zariya kuwa, galibi mai gida kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule. Idan aka fassara layin yadda yake, mai karatu zai duba watansa ya ga babu haya a ciki, ya ɗauka yana da rarar kuɗi, sai wata na goma sha biyu ya zo masa da takardar mai gida. Hajiya ta sa hayar mutuminmu naira 300,000 a shekara, ta raba 12, ta ce ya riƙa ware naira 25,000 duk wata. Sannan ta ƙara jimlar da babu ita a Turancin amma tsarin ba zai tsaya ba sai da ita: wannan dubu ashirin da biyar, ko da yake ajiye ta ake yi, ba tanadi ba ce, daga kason buƙatu take fita, don kuɗin mai gida ne da ke kwana a hannunka. Kuɗin ɗumama gida kuma ta mayar da shi man janareta da kuɗin ruwan 'yan garuwa lokacin bazara, tunda aikinsa a maƙalar shi ne nuna buƙatar da ke hauhawa a wani yanki na shekara.

To a nan ne lissafi ya ƙi. Rabin naira 150,000 shi ne 75,000. An cire 25,000 na haya, saura 50,000, kuma a ciki ake so a ci abinci, a hau abin hawa, a biya kuɗin makaranta da na magani. Duk mai iyali ya san ba za ta kai ba. Ba ƙorafin baki ba ne kawai: rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa abinci kaɗai ya ci fiye da kashi 56 cikin ɗari na abin da gidajen Nijeriya suka kashe. Idan abinci shi kaɗai ya haura rabi, yaya za a cusa dukan buƙatu a cikin rabi?

Ni da na fara jin daɗin sabon 'yancina, sai na ce mu gyara kawai, mu mayar da shi 70 da 10 da 20. Hajiya ta girgiza kai.

"A'a, ƙanena. Kofi misali ne, na marubuci ne, kuma aro ya yi don ya bayyana magana. Hamsin da talatin da ashirin kuwa ita ce maganar, kuma tana da masu ita. In ka canza ta ka bar sunansu a kai, ka yi musu ƙarya. In ka canza ta ka cire sunansu, ka rubuta taka maƙalar ce, sai ka daina kiranta fassara."

Abin da ta yi shi ne ta bar tsarin yadda masu shi suka faɗe shi, da sunayensu da shekararsa da ƙasar da aka yi shi dominta, sannan ta sa ɗan bayani a ƙasa, a fili, da alamar cewa daga mai fassara ne. A ciki ta ce a inda abinci ke cin fiye da rabin samu, kason buƙatu zai kumbura, kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne rarrabewar kanta. A wannan bayanin ne kuma ta taɓo abin da maƙalar ba ta san da shi ba sam. Marubucin ya sa kyauta ga dangi a cikin sha'awa, kusa da zuwa silima. Wanda ke aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane duk wata ba sha'awa yake yi ba, kuma idan ya ga an jera mahaifiyarsa da silima zai tsani rubutun gaba ɗaya. Ta kai wannan cikin buƙatu ta faɗi dalili. Ankon biki kuwa ta bar shi a sha'awa, tana dariya, ta ce ta san ƙawayenta ba za su yafe mata ba.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya na same shi ne a sashen tanadi, kuma irin kuskuren da ke kama wanda ya fara iyawa ne, ba wanda bai iya ba. Marubucin ya yi magana uku a jere. Ya ce a umarci banki ya riƙa cire kason tanadi da kansa ranar da albashi ya shiga. Ya ce a tara kuɗin ko-ta-kwana da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. Ya kuma ce kuɗin da aka bari a asusu mai kuɗin ruwa yana haihuwa, abin da ya haifa shi ma ya haihu. Ni da na ga kalmar tanadi sai na ce ga namu nan, adashi, na shafa shi a kan duka ukun ina jin na burge.

Hajiya ta ce mu ɗauki adashi mu auna shi da kowanne. Mutum goma suna zuba naira 10,000 duk wata, kowane wata ɗaya ya kwashi 100,000. A magana ta farko ya zauna daram: aikin umarnin banki shi ne raba ka da kuɗin kafin hannunka ya kai gare su, kuma uwar adashi na yin wannan aikin fiye da kowane banki, don banki ba ya aiko yaro ƙofar gidanka. A magana ta biyu ya faɗi. Kuɗin ko-ta-kwana dole ya zama wanda za ka iya ɗauka daren da yaro ya kamu da zazzaɓi, kwasar adashi kuwa tana da ranarta, in kai ne na tara sai ka jira wata tara ko ka je roƙon a yi maka musanya. A nan ta kawo akuyar da ke ɗaure a tsakar gida da 'yan kunnen gwal na uwargida, abubuwan da ake iya mayarwa kuɗi a ranar kasuwa ɗaya, tare da kuɗin da aka bari a asusu ba a taɓawa. A magana ta uku kuwa adashi bai ma kusa ba: ka zuba dubu ɗari, ka kwashi dubu ɗari, babu abin da ya haifa, in ma kai ne na ƙarshe tsadar kaya ta ɗan rage masa ƙarfi.

Don bayyana yadda kuɗi ke haihuwa ta yi amfani da tunkiya, wadda cikinta wata biyar ne, 'yarta kuma in ta girma ita ma ta haihu, garke ya riƙa ƙaruwa da sauri fiye da yadda ya fara. Hoton ya fito sarai. Amma ta bi shi da gargaɗin cewa tunkiya na ci, tana ciwo, tana mutuwa, ba ta da ƙayyadadden kaso kamar na banki, don kada kwatance ya zama alƙawari. Maganar kuɗin ruwa kuma ba ta ɓoye ta ba, ba ta kuma yi fatawa a kanta ba. Ta fassara abin da marubucin ya ce, ta ƙara a bayaninta cewa masu guje wa riba suna da bankunan da ba sa mu'amala da ita, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Ta ce mai fassara ɗan aike ne, ba alƙali ba, amma ɗan aiken kirki ya san gidan da aka aike shi.

Sanin gidan nan ma ba ƙaramin abu ba ne, don Hausa ba gida ɗaya ba ce. Da maƙalar za ta je Maraɗi ko Damagaram, duk lissafin nairar nan sai an sake shi da sefa, kuma a can mutane da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, jaka guda sefa dubu. Ka rubuta wa mutumin Maraɗi cewa kofi dala biyar ne ba tare da ka ce ta Amurka ba, ya ɗauka sefa 25 kake nufi, ya ce lallai Amurka akwai araha.

Karin magana kuwa tana taka-tsantsan da ita fiye da yadda na zata. Inda marubucin ya ce a yi ajiya saboda ranar da za a yi ruwan sama, ta ce mu da muke fita roƙon ruwa ba za mu gane ruwa a matsayin masifa ba, ta rubuta "saboda ɓacin rana", shi ke nan. Amma da na so in cusa karin magana a ƙarshen kowane sakin layi don rubutun ya yi ƙamshin Hausa, ta goge kusan duka. Ta ce mutumin nan da lissafi yake magana, a sauƙaƙe, kamar aboki, ni kuma ina so in naɗa masa rawani in mayar da shi dattijon ƙofar fada. Muryar marubuci ma tana cikin abin da ba a canzawa.

Tana da hanyar gwada aiki wadda ba ta buƙatar ƙamus. Takan kira wanda bai ga Turancin ba, sau da yawa masinjan ofis ko direba, ta karanta masa da ƙarfi, sannan ta ce ya faɗa mata abin da aka ce ya yi. Idan abin da ya faɗa ya yi daidai da 'yan kalmomin da ta rubuta da fensir a gefen asalin, misalin ya yi aikinsa. Idan ya tsaya yana tambayar mene ne wannan, misalin bai ƙetare ba. Idan kuma ya kama gardama a kan misalin kansa, yana cewa ai data ba ta kai haka ba ko haya ta fi haka, to an zaɓi adadin da bai dace ba, ya janye hankali daga maganar, sai a koma a gyara. Da aka karanta wa direbanmu tawa fassarar ta farko, abin da ya fahimta shi ne Turawa na shan kofi mai tsada. Da aka karanta masa tata, ya yi shiru, ya zaro wayarsa ya duba, ya ce shi nasa ma ɗari uku ne.

Kafin a buga, ta sa aka rubuta wa marubucin aka nemi izininsa, aka kuma gaya masa cewa an canza misalai da adadin kuɗi, an bar tsarin da hujjar. A saman maƙalar ta sa sunansa, a ƙarƙashi ta rubuta cewa an fassara tare da daidaita misalai don masu karatun Hausa. Ta ce in ba a yi haka ba, abin da 'yan fim ke kira wankiya ne aka yi, komai kyawun Hausar. Mutumin ya amsa bayan kwana biyu ya ce ya yarda, sai dai yana so a bayyana masa mene ne adashi.